Sikeli Bai San Kitse da Tsoka Ba

Idan aka tura ɗaliban kiwon lafiyar al'umma koyon aiki a ƙaramin asibiti, galibi teburin awo ake fara ajiye su. Ana ganin nan ne aiki mafi sauƙi: mutum ya hau sikeli, ya tsaya jikin allon awon tsayi, a danna kalkuleta, a rubuta BMI, wato ma'aunin nauyi bisa tsayi, a kati, na baya ya matso. Ni kuwa wannan teburin ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ake sallamar mai haɗarin ciwon suga da albishir ɗin cewa lafiyarsa lau, a nan kuma ake ɗaga hankalin mutumin da babu abin da ke damunsa. Sau da yawa lissafin daidai yake. Matsalar ita ce an ɗora wa lambar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsayinsa a mita wanda aka ninka da kansa:

```
BMI = kg ÷ (m × m)
```

Ga baligi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya gaza 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Wanda ya faɗo ƙasa da 16 ramarsa ta yi tsanani, ba a barinsa ya tafi ba tare da an bincika dalili ba.

Sanin asalin wannan lissafi yana taimakawa wajen sanin iyakarsa. Wanda ya fara fito da shi, Adolphe Quetelet, ba likita ba ne. Masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, kuma a shekarun 1830 abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin jama'a, ba cutar da ke jikin wani mutum guda ba. Sai a 1972 Ancel Keys da abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan da muke taƙaitawa da BMI. To, ma'aunin da aka ƙera don kallon taron jama'a yana aiki sosai idan tambayar ita ce mata nawa ne ramammu a wannan gunduma, ko ƙiba tana ƙaruwa a wannan birni. Idan mutum ɗaya ne ke zaune a gabanka, abin da lambar ke gaya maka kawai shi ne yadda nauyinsa yake idan aka gwada shi da tsayinsa. Ba ta san abin da ya haɗu ya yi nauyin ba. Ƙashi ne, tsoka ce, kitse ne, ruwa ne, ɗan tayi ne, duk ɗaya ne a wurin sikeli.

Mu ɗauki mutum biyu da suka zo a safiya ɗaya. Na farko ɗan dako ne a kasuwar hatsi, shekararsa talatin, wuni yake yi yana sunkutar buhun masara. Tsayinsa mita 1.70, nauyinsa kilo 78. Idan aka ninka 1.70 da 1.70 za a samu 2.89, a raba 78 da shi, BMI ya tashi 27. A bisa jadawali, nauyinsa ya wuce kima. Ta biyu uwa ce mai shekara arba'in da biyar, tana sayar da kayan koli a cikin gida, yawancin yininta a zaune. Tsayinta mita 1.60, nauyinta kilo 62. Ninkin 1.60 ya ba da 2.56, a raba 62 da shi, an samu 24.2. A bisa jadawali, tana cikin sahun masu lafiya.

Ɗalibin da ya tsaya a nan zai ce wa ɗan dakon ya rage cin tuwo, ya ce wa matar, "Hajiya, nauyinki daidai yake, Allah ya ƙara lafiya." Yanzu a ɗauko tef a zagaya ƙugunsu. Na ɗan dakon santimita 80, na Hajiya santimita 92. Labarin ya juye. Nauyin ɗan dakon yana kafaɗu da cinyoyi, tsoka ce da aiki ya gina, kuma rage masa abinci cutar da shi ne. Hajiya kuwa hannuwanta da ƙafafunta sirara ne, abin da ta tara duk a ciki yake. Ita ce ya kamata a zaunar.

Dalilin da ya sa wurin da kitse ya taru ya fi yawansa muhimmanci yana da alaƙa da hanta. Kitsen da ke ƙarƙashin fata a cinya da ɗuwawu kamar hatsi ne a rumbu, yana ajiye, ba ya yawan motsi. Wanda ya taru a cikin ciki, kewaye da hanji, ba ya zama haka. Kullum yana sakin maiƙo da wasu sinadarai masu tayar da kumburi a cikin jini, kuma jinin da ke fitowa daga wannan yanki hanta yake fara nufa. Hantar da ake ta yi wa wannan ambaliya takan tara kitse ita ma, jiki ya rage jin umarnin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sukari ya fara yin yawa a jini, maiƙon jini ya rikice, hawan jini ya biyo baya. Shi ya sa mutum biyu masu nauyi ɗaya da tsayi ɗaya za su iya rabuwa nesa a haɗarin ciwon suga da ciwon zuciya. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya a wurinmu shi ne yadda muke kallon teɓa. Idan magidanci ya ajiye tumbi cewa ake yi hutu ya zo, idan amarya ta cika cewa ake yi gidan miji ya karɓe ta. Ɗalibin da zai yi maganar ƙugu yana magana ne a kan abin da mutane da yawa ke ɗauka alamar rufin asiri, don haka sai da lafazi mai laushi.

Awon ƙugu yana da ƙa'ida, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ba inda ake ɗaura zani ko mazugin wando ake aunawa ba. Mai tumbi yakan ɗaura wandonsa a ƙasan tumbin, wanda ya auna nan ya bar abin da ake nema a sama. Mutum zai tsaya, ƙafafu a kusa da juna, hannuwa a sake. Ka lalubo haƙarƙarin ƙarshe a gefen jikinsa, ka lalubo saman ƙashin kwatangwalo, tsakiyar waɗannan biyun ne wurin. Tef ya zagaya a miƙe, kada ya sauka ta baya ya ɗaga ta gaba, ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse cikin fata ba. Ka bar shi ya yi numfashi biyu ko uku yadda ya saba, ka karanta a ƙarshen fitar numfashi. Kusan kowa yakan shanye cikinsa da zarar tef ya taɓa shi, ba da gangan ba, saboda haka jan shi da 'yar hira yana taimakawa. A auna sau biyu. Idan bambancin bai wuce santimita ɗaya ba a ɗauki matsakaicinsu, idan ya wuce a sake. Tef ɗin tela yana aiki muddin bai tsufa ya saki ba, a riƙa gwada shi da rula lokaci zuwa lokaci.

Akwai kuma abin da littafi ba ya faɗa. Ba za a auna ƙugun mace ta saman hijabi da zani biyu a samu lambar kirki ba, ba kuma za a ce ta ɗage tufafinta a gaban layin jama'a ba. Ana bukatar labule, ana bukatar ma'aikaciya mace, ana bukatar a gaya mata abin da za a yi kafin a taɓa ta. Inda babu waɗannan, abin da ke faruwa shi ne a daina awon gaba ɗaya, a bar gurbinsa a kati babu komai. Na sha ganin tef a aljihun tebur yana nan a naɗe kamar yadda aka kawo shi, ba don ba a san amfaninsa ba, sai don ba a tanadi wurin da za a yi amfani da shi cikin mutunci ba.

Iyakokin da ake koyarwa su ne: ga namiji haɗari ya fara daga sama da santimita 94, ya yi yawa sama da 102. Ga mace 80 da 88. Waɗannan lambobi daga binciken da aka yi a kan Turawa suka fito, kuma lokacin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar da nata ma'aunin a 2005 cewa ta yi a ci gaba da amfani da na Turai ga mutanen Afirka kudu da Sahara har a samu nasu. Suna da wata nakasa kuma: ba su kula da tsayi. Ƙugun santimita 90 a jikin dogon mutum mai mita 1.85 ba daidai yake da santimita 90 a jikin mai mita 1.58 ba. Shi ya sa ni na fi son a raba ƙugu da tsayi. Ƙa'idar gajera ce, ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Ɗan dakonmu 80 a raba da 170 ya ba da 0.47, yana ƙasa da rabi. Hajiya 92 a raba da 160 ya ba da kusan 0.58, ta wuce rabi, ta doshi 0.6 inda ake ɗaukar haɗarin ya yi yawa. Ko babu tef ana iya yi da igiya: a auna tsayin mutum da ita daga tsakiyar kai zuwa ƙasa, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, an samu amsa. Mutane suna gane wannan nan take, domin da idonsu suke ganin giɓin, kuma za su iya maimaitawa a gida.

Me za a yi wa Hajiya bayan wannan? Tef bai ce tana da cuta ba, cewa ya yi a duba. Sai a auna jininta a ga ko ya hau, a gwada sukarinta, gara da safe kafin ta karya. A tambaye ta ko akwai mai ciwon suga a danginta, ko ta taɓa haifar jariri mai girman gaske, ko tana yawan tashi fitsari da dare. A bi ta da tambaya a kan abin da ta ci daga safiyar jiya zuwa yau, har da abin sha, domin shayi mai kauri da sukari, kunun zaƙi, zoɓo da lemon kwalba ba kasafai mutane ke lissafa su cikin abinci ba. Akwai tambaya ɗaya da ba na so a tsallake ga mace mai sirantar hannu da ƙafa, cikakken ciki da zagayayyiyar fuska: ko tana shan maganin ƙiba. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ake sayarwa don a yi jiki suna ɗauke da sinadarin da ke tara kitse a ciki da fuska, ya cinye tsoka, ya ɗaga sukari. Ba za ta faɗa ba sai an tambaya, kuma sai an tambaya ba da sigar zargi ba. Idan ta daɗe tana sha, ba a ce mata ta yanke rana ɗaya, tura ta ake yi wurin likita a janye mata a hankali.

Kafin a bar BMI, a san cewa ko a inda ya dace, awon tsayi ne ke kashe shi, saboda tsayi ake ninkawa da kansa, kuskurensa ma ninkuwa yake yi. A ce tsayin Hajiya na gaskiya mita 1.55 ne, amma aka auna ta da takalmi da ɗaurin ɗankwali aka rubuta 1.60. Da tsayin gaskiya BMI ɗinta 25.8 ne, ba 24.2 ba. Santimita biyar sun ɗauke ta daga wani aji sun kai ta wani. Don haka a cire takalmi da hula, a sassauta ɗauri, dunduniya da ɗuwawu da kafaɗu su taɓa allo, ido ya kalli gaba. Sikeli a ajiye shi a daɓe mai tauri, ba a kan tabarma ko yashi ba, a tabbatar yana kan sifili kafin kowane mutum ya hau, a kuma roƙi alhaji ya cire babbar riga ya zazzage aljihu. Dattijon da bayansa ya ranƙwafa tsayinsa yakan fito gajere, sai BMI ya fito sama da gaskiya, ramarsa ta ɓoye. A irin wannan a duba damtsensa, a tambayi 'ya'yansa ko tufafinsa sun yi masa yawa.

Akwai kuma waɗanda jadawalin manya bai shafe su ba ko kaɗan. Mai ciki nauyinta dole ya ƙaru, ƙugunta dole ya buɗe, saboda haka damtse ake aunawa, kuma shirye-shirye da yawa suna ɗaukar ƙasa da santimita 23 a matsayin alamar tana bukatar ƙarin abinci. Yara daga shekara 5 zuwa 19 ana lissafa musu BMI, amma a jadawalin shekaru da jinsi ake karanta shi, domin 15 da zai firgita ka a jikin baligi daidai ne a jikin yaro ɗan shekara bakwai.

Inda sikeli ya fi yin yaudara mai haɗari shi ne wurin ƙananan yara. Uwa ta kawo ɗanta ɗan shekara biyu, an yaye shi watannin baya, kunu ne abincinsa safe da yamma, ya yi fama da gudawa. Aka ɗora shi a sikeli, nauyinsa bai faɗi sosai ba, kumatunsa a cike. Kakarsa ma cewa take ya fara murmurewa. Amma yaron ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi, gashinsa ya yi laushi ya yi ja. Ka sa manyan yatsunka biyu a saman ƙafafunsa biyu, ka danna a hankali ka ƙirga daƙiƙa uku, ka ɗaga. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun duka biyu, abin da sikeli ya auna ruwa ne. Wannan yaron yana da tamowa mai tsanani, ko me nauyinsa ya nuna, ko me tef ya nuna. Idan kumburin ya kai fuska, ko ya ƙi cin abincin tamowa da aka gwada ba shi, ko akwai wata rashin lafiya mai nauyi tare da shi, kwantar da shi ake yi a asibiti, ba a ba uwar magani ta koma gida ba. Kumburin ƙafa ɗaya kuwa wani abu ne daban, a nemi dalilinsa a wani wuri.

Ga yaran da ke tsakanin wata 6 zuwa 59, tef ɗin damtse mai launi uku shi ne abokin aikin da ya fi kowane sauƙin ɗauka. Hannun hagu ake aunawa. A lanƙwasa shi a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, sannan a sake shi ya sauka, a zagaya tef a nan. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, matsakaiciya ce. Kore daga 12.5 ne zuwa sama. Abin da ya sa iyaka ɗaya ta wadatar ga duk waɗannan shekaru shi ne kaurin damtsen yaro mai lafiya ba ya canzawa da yawa a tsakaninsu, kuma damtse yana nuna tsokar da ta rage wa yaro, wadda ita ce ajiyarsa idan cuta ta zo. Shi ya sa launin ja a tef ke nuna yaran da suka fi kusa da mutuwa. Sai dai milimita biyu suna raba 11.4 da 11.6, wato suna raba yaron da za a sa a shirin magani da wanda za a ce ya dawo wani lokaci. Yaro yana kuka yana fizge hannu, layi ya yi tsawo, hannun ma'aikaci yakan ja tef ya matse ko ya bar shi sako-sako. Idan lamba ta faɗo a bakin iyaka, a bari yaron ya lafa a cinyar uwarsa a sake. Aikin ba ya bukatar boko mai zurfi: a Mirya ta jihar Damagaram an koya wa iyaye mata auna 'ya'yansu da kansu a gida, kuma an ga suna ware yaran daidai da yadda ma'aikatan lafiya na ƙauye ke yi.

Kore ba ya nufin an gama. Akwai yaran da damtsensu ke kore amma nauyinsu ya gaza sosai idan aka gwada da tsayinsu, don haka inda akwai allo da sikeli a yi duka biyun. Akwai kuma tsumburewa, wadda tef ba ya ganinta sam: yaron da rashin isasshen abinci da yawan ciwo suka hana shi tsawo tun yana ƙarami. Jikinsa a cike, amma ɗan shekara huɗu kamar ɗan biyu da rabi. Wannan sai an gwada tsayi da shekaru, kuma sai an san shekarun da gaske. Idan babu katin haihuwa, da watan azumi, da sallar layya, da damina da kaka ake lalubo watan da aka haife shi. Wani lokaci ɗalibi yakan ce ai jadawalin na 'ya'yan Turawa ne, namu dama gajeru ne. Jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 daga ƙasashe shida aka tattara shi, Ghana na cikinsu, tare da Birazil, Indiya, Norway, Oman da Amurka, kuma abin da aka gani shi ne yaran da suka samu nono da kulawa mai kyau girmansu kusan ɗaya ne a duka shidan.

Saura abu guda da babu awon rana ɗaya da zai nuna shi, wato inda mutum ya dosa. Magidanci ya zo, tsayinsa mita 1.72, nauyinsa kilo 68, BMI 23, ƙugu ƙasa da rabin tsayi. Komai daidai. Amma a tsohon katinsa, wata biyar da suka wuce, an rubuta kilo 80. Ya zubar da kilo 12, kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa, kuma bai rage ci da niyya ba. Wanda ya rasa sama da kashi 10 cikin ɗari a cikin wata uku zuwa shida haka kawai, bincike yake bukata a ranar: tari da zufan dare saboda tarin fuka, ƙishirwa da yawan fitsari saboda ciwon suga, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, gudawar da ta ƙi tsayawa, wahalar haɗiya. A ja fatar idonsa ta ƙasa a ga ko ta yi fari, a duba tafin hannunsa, domin ƙarancin jini ba ya bayyana a sikeli ko a tef. Idan bai zo da tsohon kati ba, a tambaye shi rami nawa ya matsar a bel ɗinsa, ko wandon da aka ɗinka masa da ƙaramar salla yana zama a ƙugunsa har yanzu. Sannan a rubuta nauyin yau da kwanan wata a fili, tare da tsayi da ƙugu, ba BMI kaɗai ba, don wanda zai karɓe shi wata mai zuwa ya sami abin da zai gwada da shi.